Bidiyon Neman Taimakon Laburaren Makaranta: A Taɓa Zuciya Ba Tare Da Ƙara Gishiri Ba

Sharhinmu na yau ya shafi wani ɗan aiki da tsofaffin ɗalibai da kwamitocin makarantu suka fara runguma a Samaru da Sabon Gari, wato haɗa gajeren bidiyo na neman taimako don a gyara ko a kafa ɗakin karatu a makarantar firamare, a tura shi ta WhatsApp da Facebook. Kafin a ɗaga waya a fara ɗauka, sai wani ya zauna ya rubuta abin da za a faɗa da abin da za a nuna. A kan wannan rubutun nake son mu tsaya. Ra'ayina shi ne, duk jimlar da za ta shiga cikinsa ta zama wadda mai ba da kuɗi zai iya hawa keke-napep ya je makarantar ya tabbatar da ita da idonsa, kuma rubutun da aka gina a haka ya fi wanda aka ƙara wa gishiri taɓa zuciya, musamman a gari irin namu.

Dalilin da ya sa na ce gari irin namu shi ne, Zariya ba wurin da za a yi wa mutane tatsuniya a kan littafi ba ne. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Abubakar Imam ya yi aikinsa, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, da babban Laburaren Kashim Ibrahim a cikinta, da sashen da ke horar da ma'aikatan laburare, ga kuma Laburaren Jama'a na Samaru. Waɗanda bidiyon zai fara isa gare su malaman jami'a ne, da 'yan kasuwar Sabon Gari, da tsofaffin ɗaliban da ke aiki a Kaduna da Abuja da ƙasashen waje amma iyayensu na nan a Hayin Dogo ko Muciya ko Cikaji. Idan rubutun ya ce yaran nan ba su taɓa ganin littafi ba, ko ya ce duk yankin babu ɗakin karatu, cikin awa guda wani zai amsa a zauren WhatsApp cewa ba haka ba ne. Da zarar an kama jimla ɗaya, sauran jimlolin gaskiyar ma sun tafi tare da ita, kuma makaranta ta gaba da za ta zo da nata roƙon ita za ta biya bashin.

To, mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowace makaranta za ta sa nata. A ce makarantar firamare ce ta gwamnati a wata unguwa ta Samaru, tana da yara 600 a ajujuwa 12, kuma akwai wani ɗaki da aka taɓa kira laburare amma yanzu ya koma sito. Aikin farko na marubucin ba rubutu ba ne, ƙidaya ce. A buɗe ɗakin a gaban shugaban makaranta da wani daga kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, a fito da kowane littafi a ware. A ce an samu 340. Daga ciki gara ta ci wasu, ruwan da ke yoyo daga kwano a watan Agusta ya manne shafukan wasu, wasu kuma na tsohuwar manhaja ne. Masu amfani suka rage 190. A cikin 190 ɗin, 120 littattafan darasi ne na lissafi da Turanci da kimiyya, 70 ne kawai na labarai da yaro zai ɗauka don jin daɗi, kuma 25 ne kacal a cikinsu da Hausa. Yanzu marubuci ya samu jimlarsa ta farko: yara 600 ne, littattafan labari na Hausa 25. Wannan jimla ta fi cewa babu komai nauyi, domin mai sauraro zai yi lissafin da kansa ya ga littafi ɗaya na yara 24 ne, kuma babu wanda zai iya ƙaryata ta, tunda an ƙirga an rubuta ranar da aka ƙirga.

Daga nan sai maganar kuɗi, kuma a nan ne mutanen kirki suka fi zamewa ba tare da sun yi niyyar cuta ba. A je wurin kafinta da mai walda da masu sayar da littattafai a Sabon Gari a karɓo farashi a rubuce. A ce jimillar ta kama Naira miliyan 3. Gyaran kwano da silin da tagogi da ƙarafan tsaro 900,000. Kantoci masu ƙafa da suka ɗaga daga ƙasa, da tabarmi da bencina, 600,000. Littattafai 500 a kan kusan 2,000 kowanne, miliyan 1. Maganin gara da kuɗin dako 200,000. Rajistar shigar da littattafai da ta aro, da ledar rufe bango, da ɗan ihisanin malamin da zai riƙe makulli na shekara guda, 300,000. Ku lura, kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kuɗin zai tafi ga littafi. Amma jimlar da ta fi daɗin faɗa a bidiyo ita ce, Naira 2,000 ɗinka za ta sa littafi a hannun yaro. Kowace kalma a cikinta kamar gaskiya ce, sai dai mai bayarwa zai tafi da fahimtar cewa duk kuɗinsa littafi zai zama, alhali 2,000 ɗin da ya bayar wataƙila kwanon rufi ta saya. Lissafin da ba ya ɓoye komai shi ne a raba miliyan 3 gida 500, a ce Naira 6,000 ce ke sa littafi ɗaya a kan kanta, a ɗakin da ba ya yoyo, a hannun malamin da zai buɗe ƙofa. Ko kuma a faɗi kason kowane ɓangare a fili. Ni na fi son na biyun, domin mutanen Zariya sun san gara, sun san ƙurar hunturu, sun san abin da ruwan Agusta ke yi wa takarda. Ba sai an lallashe su ba kafin su yarda cewa rufi na gaba da littafi.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗan nauyi da rubutun ya kamata ya faɗa da ladabi, ta musamman ga Samaru. Da zarar an ji ana neman littattafai, gidajen malaman jami'a za su fito da kwalaye, kuma da zuciya ɗaya za su bayar. Sai a buɗe a tarar da littattafan injiniya da na tattalin arziki da tsofaffin mujallun bincike, waɗanda ɗan aji uku ba zai iya karanta ko da sunansu ba. Kanta za ta cika, hoto zai yi kyau, yara kuma ba su ƙaru da komai ba. Saboda haka rubutun ya ambaci irin littafin da ake so: na 'yan aji ɗaya zuwa uku masu manyan haruffa da hotuna da gajerun jimloli, galibi da Hausa tunda da ita yaron ke tunani, na 'yan aji huɗu zuwa shida labarai masu ɗan tsawo da Hausa da sauƙaƙan Turanci, har zuwa irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja ga waɗanda karatunsu ya nuna. Wanda ke da littafin jami'a a gode masa, a nuna masa inda zai fi amfani.

Yanzu ga tambayar da na san tana zukatan wasu masu sauraro. Za su ce, malam, lissafi ba ya sa mutum ya sa hannu a aljihu, tausayi ne ke yi. Wannan magana tana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A 2007 wasu masana uku, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa wani gwaji da suka yi a Amurka. An nuna wa wasu mutane labarin yarinya ɗaya 'yar shekara bakwai daga Mali, an nuna wa wasu alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa a Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi bayarwa, kuma da aka haɗa labarinta da alƙaluman sai kyautar ta ragu. Na yarda da wannan. Amma a duba abin da gwajin ya nuna da kyau. Ya nuna fuska ɗaya ta fi taron da ba a gani motsa zuciya. Bai nuna cewa sai an yi ƙarya a kan fuskar ba, bai kuma ce sai an wulaƙanta ta ba. Alƙaluman da suka sanyaya zukata a can na bala'i ne mai girman da mutum ke jin kuɗinsa ba zai yi komai ba. Yara 600 da littafi 25 ba irin wannan ba ne. Matsala ce da mutum 300 masu ba da dubu goma-goma za su gama da ita. Darasin da marubuci zai ɗauka shi ne ya fara da yaro ɗaya na gaske, ya taƙaita lambobi zuwa biyu ko uku, ya bar cikakken kasafi a takardar da za a tura tare da bidiyon.

Wane yaro, kuma yana yin me? A nan hanyar ta rabu biyu. Hanya mai sauƙi ita ce a nemo wanda rigarsa ta fi yagewa, a zaunar da shi a ƙasa a ɗakin da aka kwashe bencinansa da gangan, a ce ya sunkuyar da kai, a sa kiɗa mai sa kuka. Hanya ta biyu ita ce a tambayi malaman aji huɗu wace yarinya ce ta karance littattafan Hausan nan 25, a samu iyayenta a nemi izini, a ba ta wanda ta fi so, a bar ta ta karanta sakin layi ɗaya da muryarta, da inda take gudu da inda take tuntuɓe. Sannan mai magana ya ce wani abu kamar haka: wannan yarinya ta karanta littafin nan sau da yawa, ba don ta kasa gane shi ba, sai don ta gama duk na Hausa da ke ɗakin nan. Idan maganar gaskiya ce, kuma malaminta ya tabbatar, babu wani kiɗa da zai kai ta. Abin da ke sosa zuciya a nan shi ne yarinya mai iyawa da ƙwazo ta iso ƙarshen abin da manya suka tanadar mata. Mai kallo ba zai ji ƙyama ko ɗaukaka kai ba, zai ji kunya irin ta uba da ya ga 'yarsa na jira. Kuma gobe yarinyar za ta iya tafiya makaranta ba tare da 'yan ajinsu sun yi mata lakabin mai bara ba.

Wasu za su ce ai shirya hoto ba ƙarya ba ce, kwatanta halin da ake ciki ne kawai, kamar yadda ake yi a fim. Bambancin shi ne mai kallon fim ya san fim yake kallo. Mai kallon bidiyon taimako yana ɗauka abin da ya gani haka yake, kuma a kan wannan zaton yake tura kuɗi. Idan makarantar na da bencina aka kwashe su, an karɓi kuɗinsa a kan abin da babu. Mizanin mai sauƙi ne. Ka tambayi kanka, da mai bayarwa na tsaye a bayan mai ɗaukar hoto yana ganin yadda aka shirya, zai tura kuɗin kuwa? In amsar ita ce zai ɓata rai, a cire wurin. Cewa yarinya ta sake karantawa don sautin bai fito ba, ko a buɗe taga don haske, wannan ba laifi, domin bai sauya gaskiyar komai ba. Duniya ta daɗe tana wannan muhawara tun hotunan yunwar Habasha na 1984 da wasan Live Aid na 1985, waɗanda suka tara kuɗi masu yawa amma suka bar wa mutane da yawa hoton Afirka a matsayin yaro mai ƙuda a fuska. Akwai kuma labarin Greg Mortenson, Ba'amurken da ya tara miliyoyin daloli don gina makarantu a Pakistan da Afghanistan da littafinsa Three Cups of Tea. A 2011 shirin 60 Minutes na tashar CBS ya nuna shakku a kan muhimman sassan labarinsa da kuma wasu makarantun da aka ce suna aiki, a 2012 kuma bayan binciken babban lauyan jihar Montana ya amince ya mayar wa ƙungiyarsa dala miliyan 1. Ya gina makarantu na gaske, amma ƙarin gishirin ya ɓata har da su.

Izinin iyaye da na ambata ba ladabi ne kawai ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci a samu amincewar uwa ko uba ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Izinin shugaban makaranta shi kaɗai bai wadatar ba. A je gida, a yi wa mahaifin da mahaifiyar bayani da Hausa cewa bidiyon zai yi yawo a wayoyin mutanen da ba su sani ba, kuma da zarar ya fita ba a iya dawo da shi. A nuna musu shi kafin a saki. Kada a faɗi cikakken sunan yarinyar ko layin gidansu, kada a taɓo maraicinta ko talaucin gidansu in ba shi ne batun ba, kuma ba shi ne batun ba. Idan suka ce a'a, a nemi wata, ko a ɗauki hannaye da shafi da murya kawai.

Sai batun alƙawari. Rubutun neman taimako na son ya ce laburaren nan zai fitar da likitoci da injiniyoyi, zai hana yara yawon banza, zai ɗaga sakamakon jarrabawa. Babu kwamitin da ke da ikon cika wannan. Karatun yaro ya dogara da malaminsa da yawan 'yan ajinsu da abin da ya ci da safe, ɗakin littafi ɗaya ne daga ciki. Abin da kwamiti zai iya alƙawartawa shi ne abin da ke hannunsa: za a buɗe ɗakin kowace ranar makaranta, kowane aji cikin 12 zai samu darasi guda a mako a jadawalin da shugaban makaranta ya sa wa hannu, 'yan aji huɗu zuwa shida za su iya aron littafi su kai gida na mako ɗaya. A kuma faɗa tun yanzu cewa wasu littattafan za su yage, wasu za su ɓata. Laburaren da littattafansa ke sababbi fil bayan shekara guda, alama ce an kulle shi don tsoron asara, kuma wannan shi ne mutuwar da ta fi kama irin waɗannan ɗakuna, ta fi gara ma. Mai bayarwa da aka shirya wa wannan tun farko ba zai zargi malami ba in ya ga bango ya yi datti.

Wani ƙorafin kuma ya fito ne daga ɗaya ɓangaren. Masu shi na cewa makarantar gwamnati ce, Dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa gwamnati nauyin ilimin farko kyauta, akwai UBEC a tarayya da SUBEB a Kaduna, don me talaka zai sake biya? Tambaya ce mai kyau, kuma rubutu mai gaskiya ba ya kauce mata. Jimla biyu sun isa. A faɗi abin da hukuma ta riga ta kawo, in littattafan darasin nan 120 daga wurinta suka zo a ce haka, kada a ɓoye don roƙo ya yi ƙarfi. A kuma faɗi cewa kwamiti ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Sabon Gari a rana kaza yana neman gyaran ɗakin, in har an rubuta ɗin, a faɗi amsar da aka samu ko a ce ana jira. In ba a rubuta ba, a fara rubutawa kafin a ɗauki bidiyo. Wannan na kare shugaban makaranta, wanda ma'aikacin gwamnati ne kuma bai kamata ya wayi gari ya ga makarantarsa a Facebook ba da sanin na gaba da shi ba, yana kuma nuna wa mai bayarwa cewa ba a yafe wa hukuma nauyinta ba. 'Yar aji huɗun nan dai shekara biyu suka rage mata a firamare, ba za ta iya jiran kasafin da ba a san ranarsa ba.

Duk wannan zai shiga bidiyon minti biyu? Zai shiga in an yi tsimi. Minti biyu kalmomi ne kamar 250 in ana magana a natse. Daƙiƙa 25 na farko muryar yarinyar ce tana karatu, ba gaisuwar manyan baƙi, ba tambarin ƙungiya. Sai malaminta ya faɗi jimlar yara 600 da littafi 25 yana tsaye a cikin ɗakin kamar yadda yake, a nuna tabon ruwa a silin da hanyar gara a bango. Sai shugaban kwamiti, da fuskarsa da sunansa tunda shi babba ne kuma shi za a tuhuma, ya faɗi jimillar kuɗin da yadda aka kasa shi. Daƙiƙa 30 na ƙarshe su ne waɗanda aka fi mantawa, kuma su ne suka fi muhimmanci: asusun da za a tura, wanda ya zama na kwamiti ko na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai masu sa hannu aƙalla biyu, ba asusun mutum ɗaya ba komai amanarsa, ranar rufe karɓa, da abin da za a yi in kuɗin bai cika ba ko ya yi rara. A misalinmu sai a ce in rabi aka samu, za a fara da rufi da maganin gara da kanta biyu, ragowar a sayi littattafan ƙananan ajujuwa. In ya yi rara, a ƙara littattafai, ba a karkatar da shi zuwa fentin ofis ba sai an koma an tambayi waɗanda suka bayar. Ranar rufewa tana da wani amfani kuma, domin bidiyo kan ci gaba da yawo shekaru bayan an gama aiki, har wani mai mugun nufi ya yanke ƙarshensa ya liƙa nasa asusun. Shi ya sa ake rubuta sunan makarantar da watan da shekarar a jikin hoton tun daga farko har ƙarshe, a kuma sa shugaban kwamiti ya furta sunan asusun da bakinsa.

A cikin rubutun farko kuma a sa ranar bidiyo na biyu, a ce bayan wata uku da rufe karɓa. A nan za a nuna nawa aka tara, rasit na kafinta da na mai littattafai, rajistar da aka shigar da kowane littafi da lambarsa, da shafin aro mai sunayen ajujuwa da kwanan wata. In farashin kwano ya tashi tsakanin roƙo da saye har littattafai suka koma 420 maimakon 500, a faɗi 420 a faɗi dalili. A liƙa kwafin lissafin a ƙofar ɗakin, a karanta shi a taron iyaye da malamai na zangon, don iyayen da ba su da babbar waya su ma su ji.